Yadda Ake Tsara Jawabin Minti Biyar Don Nuna wa Manaja Mai Yawan Aiki Manhajar da Kake Talla

Idan manaja ya ce ya ba ka minti biyar ka nuna masa manhajarku, sakan 300 ke nan a hannunka, kuma ba duka ba ne naka. Wani kaso zai tafi a gaisuwa, wani a jiran shafi ya buɗe, wani kuma a bakin shi manajan, in har kana so ya yi magana. Abin da ya rage ba zai ishe ka zagaya manhajar lungu da saƙo ba. Zai dai ishe ka yin abu guda: ka ɗauki aiki ɗaya da ke ci masa tuwo a ƙwarya, ka nuna masa an gama shi a gaban idonsa, sannan ku tsayar da ranar mataki na gaba. Duk tsarin da ke ƙasa a kan wannan aka gina shi.

Domin maganar ta tsaya da ƙafarta, bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe. A ce kana tallata manhajar da ke raba wa ma'aikatan gyara aiki, tana kuma bin diddigin inda kowane aiki ya kwana. Wanda za ka nuna wa shi ne manajan sashen gyare-gyare a wani kamfani, yana da ma'aikata 30 da ke fita wurin kwastomomi. A yanzu da Excel suke tafiyar da komai, sai kiran waya. Za ku haɗu ta bidiyo, ko a Zoom ne ko Google Meet ko Microsoft Teams.

Mataki na farko: samo ciwon kafin ranar

Ba a rubuta jawabin nan sai an san abin da ke damun mutumin. Idan ka shiga ba ka sani ba, minti biyar ɗin za su ƙare a tambayoyi, ko kuma ka yi ta harbi a duhu. Don haka kwana ɗaya ko biyu kafin haɗuwar, ka nemi amsar tambayoyi uku daga wanda ya haɗa ku, ko mataimakin manajan, ko ta gajeren imel zuwa gare shi kansa. Wane aiki ne ya fi cin lokacin sashen? Yaya ake yin sa a yau, kuma wa ke yi? Wa manajan ke ba wa bayani a kansa, kuma yaushe?

Tambaya ta uku ita aka fi mantawa, alhali ita ta fi amfani. Manaja ba shi ne zai riƙa danne-danne a manhajar kullum ba, yaransa ne za su yi. Abin da ya dame shi shi ne ranar da na sama da shi zai tambaye shi. A misalinmu, a ce mataimakinsa ya gaya maka cewa duk ranar Litinin da safe manajan yana kai wa darakta rahoton ayyukan da suka wuce wa'adi, kuma haɗa rahoton yana cinye wa mataimakin yammacin Juma'a sukutum, domin sai ya kira ma'aikata ɗaya bayan ɗaya ya ji inda suka tsaya. To, ka samu abin da za ka nuna: rahoton Litinin. Ka rubuta kalmomin da suka yi amfani da su yadda suka faɗa. Idan su suna cewa "aikin da ya kwana", kada kai ka zo da sunan da manhajarku ta laƙaba masa. Da bakinsu za ka yi magana.

Mataki na biyu: auna bakinka, sannan ka raba lokacin

Ɗauki kowane rubutu ka karanta da murya, a saurin da kake magana da babba, na tsawon minti ɗaya, sai ka ƙirga kalmomin. Ninka adadin sau uku da rabi. Wannan shi ne iyakar tsawon jawabinka, domin minti ɗaya da rabi da suka rage na manajan ne da na jiran allo. Idan ka samu kalmomi 130 a minti, jawabinka kada ya haura kalmomi 455. Shafi ɗaya ne kawai. Yawancin masu talla rubutunsu na farko yakan ninka haka, sai su yi ƙoƙarin cike giɓin da saurin baki, wanda ba abin da yake haifarwa sai mai sauraro ya daina bi.

Rabon da ya fi dacewa shi ne: sakan 30 na buɗewa, minti ɗaya na nuna sakamako, minti ɗaya da sakan 45 na yin aikin guda ɗaya, sakan 45 na manajan, sakan 30 na amsa fargabarsa, sakan 30 na ƙarshe kuma na tsayar da mataki na gaba. Ka raba takardarka gida uku: lokaci a hagu, abin da za ka danna a tsakiya, abin da za ka faɗa a dama. Duk jimlar da ba ta da abin dannawa ko abin nunawa a gefenta, ka sake dubanta da kyau, watakila ba ta da gurbi.

Mataki na uku: jawabin kansa

Daga 0:00 zuwa 0:30. Allonka yana nan a buɗe tun kafin ya shigo, amma ba ka fara bayaninsa ba. Bayan gajeriyar gaisuwa sai ka ce:

"Ranka ya daɗe, na gode da lokacin. Minti biyar ka ba ni, kuma ba zan wuce su ba. An shaida mini cewa duk Litinin kana kai rahoton ayyukan da suka kwana, kuma haɗa shi yana cinye wa mataimakinka yammacin Juma'a. Shi kaɗai zan nuna maka yau. Haka abin yake, ko akwai wanda ya fi shi damun ka?"

Sai ka yi shiru. Babu tarihin kamfaninku a nan, babu shekarar da aka kafa shi, babu jerin manyan kwastomomi. Tambayar ƙarshen tana yin aiki biyu: idan ya ce haka ne, ya riga ya amince da bakinsa cewa abin da za ka nuna ya shafe shi. Idan kuma ya ce a'a, gara ka ji a sakan na 30 da ka ji a ƙarshe. Saboda irin wannan ne ake ajiye hanya ta biyu a shirye a wani shafin burauza, misali ta ƙorafin kwastomomi a kan ma'aikacin da bai zo ba.

Daga 0:30 zuwa 1:30. A nan ne yawancin nuni ke lalacewa, don haka zan ɗan tsaya a kai. Ɗabi'ar mai talla ita ce ya fara daga inda manhajar ta fara: shafin shiga, sannan yadda ake ƙara ma'aikaci, sannan yadda ake buɗe sabon aiki, har a kai ga rahoto a can ƙarshe. Wannan tsari na koyar da sabon ma'aikaci ne. Manaja mai taro a gabansa yana iya tashi a minti na uku, kuma idan rahoton yana minti na huɗu, ya tafi bai ga abin da ya kawo shi ba. Juya tsarin. Abin da ake samu a ƙarshe shi za ka fara sa masa a gaba:

"Ga rahoton Litinin ɗinka. Babu wanda ya zauna ya haɗa shi, da kansa yake cika yayin da ma'aikata ke rufe ayyukansu a waya. A wannan misali, ayyuka 112 aka buɗe a makon jiya, an gama 98, guda 14 sun kwana. Dubi jan layin nan: daga cikin 14 ɗin, shida sun wuce kwana uku. Wannan shafi na gefe kuma yana faɗin dalili: huɗu suna jiran kayan gyara, biyu kuma ma'aikacin bai samu zuwa ba. Irin wannan kake kai wa darakta, ko akwai abin da yake tambaya da babu a nan?"

Lura cewa lambobi kaɗan ka ambata, kuma kowacce tana kai wa ga ta gaba: 112, sai 14, sai shida, sai biyu. Kana matse hankalinsa ne zuwa ga ayyuka biyun da za ka taɓa ɗaya daga cikinsu a sashe na gaba. Allon yana iya ɗauke da zane-zane goma, amma ba ruwanka da tara daga ciki. Kuma ka faɗa a fili cewa alƙaluman na misali ne, kada ya ɗauka kana iƙirarin sakamakon wani kamfani.

Daga 1:30 zuwa 3:15. Yanzu sai aikin guda ɗaya, daga farkonsa zuwa ƙarshensa, cikin danni uku ko huɗu:

"Bari mu ɗauki ɗaya daga biyun da ba a je ba. Na danna shi. Ga kwastoman, ga ranar da ya kira, ga ma'aikacin da aka ba, kuma ga shi yau yana da ayyuka biyar a kansa. Zan mayar da aikin hannun wani. Manhajar ta jero waɗanda ke da sarari yau, wannan na sama aiki biyu kawai gare shi. Na zaɓe shi. Yanzu dubi gefen dama, wayar ma'aikacin ce. Ga aikin ya shigo masa, da adireshi da bayanin matsalar. Idan ya gama, zai ɗauki hoto ya danna nan. Na danna a madadinsa. Mu koma rahoton. Ɗazu 14 ne suka kwana, yanzu 13. Babu wanda ya ɗaga waya ya kira wani."

Komawa ga rahoton ita ce zuciyar nunin gaba ɗaya. Lambar da ta sauka daga 14 zuwa 13 a gaban idonsa ta fi duk wata siffa da za ka yi wa manhajar ƙarfi, domin shi ya gani, ba gaya masa aka yi ba. Saboda haka bayan ka ce "yanzu 13", ka bar sakan biyu ko uku su wuce kafin jimlar ƙarshe.

Akwai ƙa'ida ɗaya ta baki a wannan sashe: ka faɗi abin da za ka yi, ka danna, ka jira, sannan ka faɗi abin da ya faru. Hoton allon da ake rabawa ta intanet yakan isa wurin mai kallo a makare kaɗan, musamman idan layinsa ba shi da ƙarfi. Idan kana magana a kan shafi na biyu shi kuma yana kallon na farko, ka rasa shi. Haka nan ka daina kewaya allo da kibiyar linzami kana zana da'ira. Kai ta wurin da kake so ya duba, ka sake ta a nan.

Daga 3:15 zuwa 4:00. Ɗauke hannu daga linzami ka tambaya:

"Ranka ya daɗe, da a ce wannan ne a gabanka ranar Juma'ar da ta wuce, me zai canza?"

Kada ka tambaye shi ko yana da tambaya, domin amsar da ta fi sauƙi ita ce "babu". Kada kuma ka tambaye shi ko abin ya yi masa kyau, domin zai ce ya yi, don ladabi kawai. Tambayar da ke sama tana tilasta masa ya ɗora manhajar a kan makonsa. Shirun da zai biyo baya zai yi maka nauyi, za ka ji kamar ka cike shi da wani fasalin manhajar. Ka daure. Abin da zai faɗa a nan shi za ka rubuta a takarda, shi ne kuma za ka mayar masa a saƙonka na bayan taro.

Daga 4:00 zuwa 4:30. Kusan kowane manaja da abin ya fara shiga ransa, fargaba ɗaya ce ke biyo baya: wahalar canji. Me zai faru da bayanan da ke Excel? Ma'aikata za su yarda su yi amfani da ita? Ka shirya amsa ta jimla uku, ta gaskiya:

"Jerin kwastomomi da na ma'aikata da ke Excel ana shigo da su kai tsaye, ba sai an sake bugawa ba. Shi ma'aikaci maɓalli uku yake buƙata a waya: karɓa, fara, gama. Shawarata kada a fara da mutum 30, a fara da biyar na mako biyu."

Wannan misali ne kawai, kai abin da manhajarka take yi da gaske za ka faɗa. Idan shigo da bayanai yana buƙatar injiniyanku ya zauna a kai na kwanaki, ka faɗi hakan. Alƙawarin da aka yi a sakan 30 don a burge shi, sashen da ke kafa manhajar ne zai yi watanni yana biyan bashinsa.

Daga 4:30 zuwa 5:00. Rufewa:

"Lokacina ya kusa cika. Abin da nake nema shi ne minti 30 da mataimakinka, mu ɗora ayyukanku na makon jiya a ciki, ka ga rahoton Litinin mai zuwa da alƙalumanku na gaske. Laraba da ƙarfe 10 ko Alhamis da ƙarfe 2, wanne ya fi? Kuma ban da kai, wa ya kamata ya gani kafin a yanke shawara?"

Abin da ka roƙa ƙarami ne, yana da rana da sa'a, kuma ba lokacin manajan zai ci ba. "Zan turo maka bayani ka duba" ba mataki ba ne, hanya ce ta rabuwa cikin mutunci. Tambayar ƙarshe kuma tana fito maka da waɗanda ba ka gani ba, kamar sashen kuɗi ko masu kula da kwamfutocin kamfanin, waɗanda za su iya tsayar da cinikin daga baya.

Mataki na huɗu: gyara allon da bayanan misali

Jawabi mai kyau yana iya rushewa saboda ƙaramin abu a allo. Bayanan misalin su yi kama da na sana'arsa: idan injinan sanyaya ɗaki suke gyarawa, ayyukan da ke jerin su zama na injinan sanyaya ɗaki, kada a ga "gwaji 1" da "gwaji 2". Duba ranaku. Asusun nuni da aka cika wata shida da suka wuce zai nuna kowane aiki ya wuce wa'adi, ko kuma rahoton makon jiya ya fito fayau babu komai. Kuma tunda kowane gwaji da ka yi yana rufe aiki ɗaya, 14 ɗinka za ta koma 13 tun kafin taro, don haka ka mayar da bayanan yadda suke bayan gwajin ƙarshe. Bayanan wani kwastoma na gaske kuwa ba a nuna su ko kusa. Manajan da ya ga sunayen wasu a allonka ya san gobe nasa za a nuna wa wani.

Sauran na minti goma ne kafin taro. Shiga asusun tun da wuri, kada ya zauna yana kallon ka kana buga kalmar sirri. Buɗe shafukan da za ka bi a jere. Raba taga ɗaya, ba allon kwamfutar duka ba, ka kuma kashe sanarwar saƙonni. Ƙara girman rubutun burauza zuwa kusan 125% ta hanyar danna Ctrl da + sau biyu, domin mai yawan aiki yana iya shigowa ta waya, inda ƙananan lambobi ba sa karantuwa. Hoton wayar ma'aikacin ya kasance a cikin tagar da ka raba, gefe da rahoton. A ƙarshe ka ajiye hotuna huɗu na allon: rahoto mai 14, shafin aikin, wayar, da rahoto mai 13. Idan manhajar ta tsaya, kada ka wuce sakan goma kana jira. Ka ce "bari in nuna maka ta hoto", ka ci gaba da jawabinka yadda yake.

Gwajin jawabin kuwa da agogo ake yi, da murya, ana dannawa da gaske. Ka nufi gamawa a minti huɗu da rabi, har da sakan 45 na manajan da za ka bari a shiru. Jimlar farko da ta ƙarshe kaɗai suka cancanci hadda. Tsakiyar ka san hanyarta kawai, domin muryar mai karatu daga takarda ba ta ɓuya.

Idan abin bai tafi yadda aka tsara ba

Katsewa ita ce ta fi faruwa, kuma yawanci alama ce mai kyau. Idan tambayar tana da gajeriyar amsa, ba shi ita a jimla ɗaya ka koma kan hanya. Idan ta shafi abin da ke tafe, ka ce "shi ne na gaba". Idan doguwa ce, kamar yadda manhajar za ta haɗu da ta lissafin kuɗinsu, ka rubuta ta yana gani, ka ce za ka amsa ta a rubuce yau. Abin da ba a yi shi ne buɗe shafin saituna don a tabbatar masa. Wanda ya shiga can da wuya ya fito kafin lokaci ya ƙare. Idan farashi ya tambaya tun a minti na farko, kada ka yi ta kewaye-kewaye. Faɗi yadda ake lissafawa, misali bisa yawan ma'aikata a wata, da abin da zai kama wa mutum 30, sannan ka nemi izinin ƙarasa nunin.

Yana da kyau ka iya gane lokacin da hankalinsa ya bar wurin. Idonsa zai koma wani gefen allo, amsarsa ta zama "to, to" babu ƙari, ko ka ji ƙarar madannai. Ƙara sauri ba ya dawo da shi. Tsaya ka ce: "Ranka ya daɗe, ina jin ba nan ne ya fi damun ka ba. Ina zan duba?" Idan kuma ya shigo a makare ya ce minti biyu gare shi, ka yar da sashen tsakiya gaba ɗaya: jimlar buɗewa, rahoton, sai neman Laraba ko Alhamis.

Wani lokaci kuma akasin haka ke faruwa, minti biyar su cika yana ta tambaya. Kada ka zarce kamar ba ka lura ba. Ka ce masa lokacin da ya ba ka ya cika, kana da sarari idan yana so a ci gaba, amma a fara tsayar da ranar zama da mataimakin tukuna. Da zarar an rabu, cikin awa ɗaya ka tura gayyatar kalanda ta ranar da ya zaɓa, tare da saƙo mai layi huɗu: abin da ya faɗa da bakinsa a minti na huɗu, hoton rahoton guda ɗaya, amsar tambayar da ka rubuta, da roƙon mataimakin ya turo fayil ɗin Excel na makon jiya kafin ranar, bayan ya cire lambobin wayar kwastomomi.